Tsukewar bawul ɗin awota

Tsukewar bawul ɗin awota cuta ce da ke ƙuntata ƙofar da jini ke bi daga zuciya zuwa babbar jijiyar jiki. Tsufa kan jawo ta, haka ma zazzaɓin rumatik, wanda har yanzu ake fama da shi a Arewacin Najeriya.

Mai cutar kan yi shekaru bai ji komai ba, domin tsokar zuciya na ƙara kauri tana tura jinin da ƙarfi. Ciwon ƙirji, suma ko haki na nuna cewa zuciyar ta fara gazawa. A 1968, Ross da Braunwald sun bayyana cewa matsakaicin abin da ya rage wa majinyaci shekara 5 ne bayan ciwon ƙirji, 3 bayan suma, 2 bayan haki. Magani ba ya buɗe bawul ɗin, sai dai a sauya shi.