Sunan Ƙungiyarku Ba Ya Cikin Rajistar CAC? Kada Ku Tayar da Hankali

A ce mata ashirin masu turara shinkafa sun kafa ƙungiyar gama kai, sun yi rajista, sunansu ya ƙare da kalmar Limited. Wani ɗan kasuwa yana son ba su kwangila, sai ya shiga shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ya nemi sunansu bai gani ba. Nan take ya ce ƙungiyar bogi ce. Alhali kuwa shi ne ya duba inda ba nan ba.

A Najeriya, ƙungiyar gama kai ba a CAC take rajista ba. Ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai ne ke ba ta takardar shaida, galibi a matakin jiha, kuma tana da dokarta daban ta shekarar 1993. Kalmar Limited ɗin nan da ke ruɗa mutane, abin da take nufi kawai shi ne idan bashi ya ci ƙungiyar, akwai iyaka ga abin da za a bi kowane mamba. Ba ta mayar da ita kamfani ba. A wajen taro ma kowa ƙuri'a ɗaya gare shi, ko da Hajiya ce ta fi kowa zuba kuɗi.

Kamfani kuwa, mai hannun jari mafi yawa shi ne mai faɗa a ji. CAC na ba shi lamba mai farawa da RC, kuma tun da aka yi dokar kamfanoni ta 2020, mutum ɗaya tilo na iya kafa ƙaramin kamfani. Idan ka ga BN, to sunan kasuwanci ne kawai, bashin shago bashin mai shago ne, har gidansa ana iya bi.

Masallatai, gidauniyoyi da ƙungiyoyin raya gari su kuma yawanci lambar IT suke ɗauka. Abin lura a nan, amintattun da aka naɗa su ne doka ta sani, shi ya sa sunan kan fara da Incorporated Trustees of. Kafin a amince sai an buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta. Ba a raba riba, kuma ranar da aka rushe ƙungiyar, abin da ya rage bayan biyan bashi ana miƙa shi ga wata mai irin manufarta. Mambobi ba sa kasafta ko kujera. A ganina, nan ne masu kafa gidauniya suka fi yin kuskure, don wasu suna ɗauka jari suke zubawa.

Saboda haka mai karatu, kafin ka ba wata ƙungiya kuɗinka, ka nemi takardar shaidarta, ka duba ofishin da ya sa hannu da haruffan da ke gaban lambar.