Kalma ɗaya, ma'ana biyu: yadda ake neman ƙarin bayani da Faransanci ba tare da an ɓata wa abokin ciniki rai ba

Mutumin Fakku da ke fataucin albasa ko wake ba ya rasa hulɗa da ƙasashen da ake Faransanci. Hanyar da ta bi ta Jega da Birnin Kebbi zuwa Kamba tana kaiwa Gaya a Nijar, daga nan a ƙetara kogin Kwara zuwa Malanville a Jamhuriyar Benin, har a dangana da Parakou da Kwatano. A Gaya da Malanville Hausa kan fid da mutum kunya. Amma idan mai sayen kaya 'yar kasuwar Dantokpa ce a Kwatano, wadda harshenta Fon ne, to abin da zai haɗa ku shi ne Faransanci, kuma yawanci a rubuce ta waya. Nan ne matsala take, domin akwai saƙon da ko wanda aka haifa cikin Faransanci ba zai iya yanke ma'anarsa ba sai ya tambaya.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wani Alhaji ya aika wa wata mata a Kwatano buhu 40 na albasa, kowane buhu a kan sefa dubu 25. Ɗan ƙanwarsa, wanda ya yi Faransanci a makaranta, shi ke rubuta masa saƙonni. Kaya sun isa, an biya kuɗi, sai ga saƙo daga matar:

"J'en veux plus à ce prix."

Yaron ya karanta ya ce, "Kawu, ta ce tana son ƙari a wannan farashin." Alhaji har ya fara lissafin motar da zai loda a Aliero. Can yaron ya sake dubawa ya ce, "Kawu, a dakata. Yana iya yiwuwa cewa ta yi ba ta ƙara so a wannan farashin."

Duka fassarorin biyu daidai ne, kuma ga dalili. Kalmar "plus" tana da aiki biyu masu kishiyantar juna. Idan aka ce "J'en veux plus" aka furta harafin s na ƙarshe, ana nufin ina son ƙari. Idan aka ce "Je n'en veux plus" ba a furta s ɗin ba, ana nufin na daina so. A Faransancin littafi, ɗan ƙaramin "ne" ɗin nan shi ke raba su. Amma a maganar yau da kullum mutane kan yar da shi, su dogara da lafazi, kuma haka suke rubutawa a waya. Rubutu kuwa ba shi da murya. Saboda haka matar ba ta yi wata dabara ba, ta rubuta ne yadda take magana. Abin da ke tsakanin ma'anonin biyu kuma ba ƙarami ba ne: a ɗaya Alhaji zai sayi albasar da za ta ruɓe a hannunsa, a ɗayar zai yi shiru har mai son kaya ta koma wajen wani.

Tambaya ta zama dole ke nan. Sai dai yadda za a yi ta shi ne aikin, domin baki shi ke yanka wuya.

Abin da ya fara zuwa bakin mai koyo shi ne ya juya tunaninsa kai tsaye: "Votre message n'est pas clair", wato saƙonki bai fito sarai ba. Nahawun jimlar ba shi da aibu, amma ta ɗora laifin a kan matar. Haka ma "Qu'est-ce que vous voulez dire ?" A ƙamus ma'anarta me kike nufi, amma idan ta zo ita kaɗai a rubuce, babu gaisuwa babu komai, tana kama da "me kike nufi da haka?" ɗin da ake faɗa gab da faɗa. Wadda ta fi su haɗari ita ce "Expliquez-vous". Mai koyo kan ɗauka cewa ya yi ki yi mini bayani, alhali kalmar da shugaba ke faɗa wa wanda ya yi laifi ce, ma'ana ki kare kanki. Duk jimlar da ta fara da "Pourquoi", wato don me, ita ma tana neman hujja, ba bayani ba. Alamar da za ka gane jimla mai zargi ita ce: "vous" ne a gabanta, kuma tana magana a kan abin da ɗayan ya yi ko ya kasa yi.

Maganin farko shi ne ka mayar da jimlar kanka. Bahaushe ya san wannan, domin idan babba ya yi maganar da ba ta fito ba, ba a ce masa "ba ka faɗa daidai ba", sai dai "ranka ya daɗe, ban ji da kyau ba". Da Faransanci ana cewa "Je voudrais être sûr d'avoir bien compris", wato ina so in tabbatar na fahimta daidai. Idan mace ce ke rubutu sai ta ƙara e, ta rubuta "sûre". Jimlar ba ta ce saƙon ya gaza ba, ba ta kuma ce mai karatu jahili ne ba.

Na biyu shi ne siffar aikatau ta ladabi. Tsakanin "je veux" da "je voudrais" akwai tazarar da ke tsakanin "ba ni" da "da za a taimaka mini da". Haka "pouvez-vous" da "pourriez-vous": ta farko tana da ladabi daidai gwargwado, ta biyu ta fi taushi. Sannan a riƙe "vous" ga abokin ciniki, ko da ita ta fara kiranka da "tu", musamman idan ta girme ka. Wannan bai yi nisa da yadda muke ce wa dattijo "ku" maimakon "kai" ba.

Na uku, wanda ya fi sauran amfani, shi ne ka shimfiɗa mata ma'anonin biyu da kalmomin da ba su da fuska biyu. Kada ka maimaita "plus" yadda ta rubuta shi. Faransanci yana da kalmar "davantage", wadda ƙari kawai take nufi. A ɗaya ɓangaren kuma sai ka mayar da "ne" ɗin da ya faɗi. Ka kuma faɗi dalilin tambayarka, domin wanda ya ga dalili ba ya zaton ana tuhumarsa. Ga saƙon da yaron zai aika:

"Bonjour Madame, j'espère que vous allez bien. Merci pour votre message. Je voudrais être sûr d'avoir bien compris avant de charger le camion : souhaitez-vous davantage de sacs à 25 000 F, ou bien préférez-vous ne plus en prendre à ce prix ? Merci d'avance."

Ma'anarsa: barka da rana Madam, ina fatan kina lafiya. Na gode da saƙonki. Ina so in tabbatar na fahimta kafin in loda mota: kina son ƙarin buhuna a kan dubu 25, ko kuwa kin fi so ki daina ɗauka a wannan farashin? Na gode tun yanzu.

A lura da abin da babu a cikinsa. Babu kalmar kuskure, babu "kin ce", babu don me. An kuma rubuta farashin da lambobi, yadda masu Faransanci ke rubutawa, da fili tsakanin 25 da sifilai uku. Waƙafi a wajensu ba ya raba dubbai, yana raba cikakkiyar lamba da guntunta ne, don haka rubuta 25,000 irin namu na Najeriya na iya jawo wani ruɗanin kuma.

Ladabi ma yana da iyaka. Wasu kan cika saƙo da ban haƙuri, "excusez-moi" a farko, "pardon" a tsakiya, "désolé" a ƙarshe, har tambayar ta nutse. Mai sana'a da ke tsaye cikin hayaniyar kasuwa ba za ta karanta layi goma ba, za ta duba sama-sama ta amsa da "D'accord". Yawan ban haƙuri kuma kan sa mutum ya fara tunanin ko akwai wata matsala da ake ɓoye masa. Gaisuwa ɗaya, dalili ɗaya, tambaya ɗaya, sun wadatar.

To idan duk da haka amsar ta zo da "Oui" kawai fa? Wannan kan faru da tambaya mai reshe biyu, kuma ita ce alamar cewa ba a karanta har ƙarshe ba. Kada a ce mata ba ki amsa tambayata ba, domin an koma gidan jiya. Sai ka zaɓi ma'anar da ka fi zato, ka sa mata lamba, yadda i ko a'a za su ishe ta:

"Si je comprends bien, je vous envoie encore 40 sacs à 25 000 F, soit 1 000 000 F. C'est bien cela ?"

Wato idan na fahimta, zan sake aiko miki buhu 40 a kan dubu 25, jimla miliyan ɗaya, haka ne? Wanda bai son kaya ba ya ganin miliyan ɗaya a rubuce ya ce i da wasa. A misalinmu, a ce amsar ta zo: "Non, c'est trop cher. 22 000 F, je prends 60 sacs." Ashe ƙorafin farashi take yi, ba sallama ba ce kuma ba neman ƙari a tsohon farashi ba. Tana son buhu 60 idan an sauko zuwa dubu 22, wato sefa miliyan ɗaya da dubu 320. Yanzu Alhaji ya san abin da ke gabansa, saura ciniki, wanda shi ne gwaninsa ba yaron ba.

Akwai hanya mafi sauri idan kunnenka ya saba da harshen: ka roƙi saƙon murya, "Pourriez-vous m'envoyer un vocal ?" Da ka ji s a ƙarshen "plus" ko ka rasa shi, magana ta ƙare. Amma murya ba ta zama shaida kamar rubutu idan gardama ta taso daga baya, don haka bayan ka saurara, ka sake rubuta adadi da farashi ka nemi ta tabbatar.

Ba "plus" kaɗai ke yin haka ba. "Tout à l'heure" na iya nufin ɗazu, na iya nufin an jima. "Dans huit jours" yawanci mako ɗaya ake nufi, ba kwana takwas a ƙirge ba, kamar yadda "quinze jours" ke nufin mako biyu. Duk inda ka ci karo da irinsu, tsarin ɗaya ne: ka fara da "je", ka faɗi abin da kake shirin yi, ka maye kalmar mai fuska biyu da sunan rana ko lamba. Kuma ka aika tambayar kafin 'yan dako su ɗora buhun farko a mota.