Sammaci Kai Ya Kira, Bai Kira Malaminka Ba

Wata magana ta daɗe tana yawo a bakin ɗaliban jami'o'inmu da kwalejoji, har ta kai ga waɗansu sun ɗauke ta tamkar nassi, wai duk wanda sammacin kotu ya hana shi zaman gwajin aji ba ya bukatar ya gaya wa kowa kome, abin da ke kansa kurum shi ne ya adana takardar, in ya dawo ya miƙa ta ga malami, shi kuwa malamin tilas ne ya sake shirya masa wani gwajin ko yana so ko ba ya so. Na ji wannan magana ya fi a ƙirga, na kuwa gaji da ganin yaran da ta kai ta baro, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Shi dai sammaci kowa ya san shi: takarda ce daga kotu mai ɗauke da hatimi da sa hannun alƙali ko magatakarda, tana umurtar wane ya bayyana ran kaza da ƙarfe kaza, ko don an yi ƙararsa ko don ya ba da shaida. Gwajin aji kuma yana cikin makin da ake tarawa kafin jarrabawar ƙarshen zango, wanda a galibin makarantunmu yakan kama 30 ko 40 daga cikin 100.

Babu gardama, amsa kiran kotu wajibi ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, da takwarorinta na jihohi, sun bai wa alƙali ikon sa a kamo shaidan da aka miƙa wa sammaci ya ƙi zuwa ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba, a shari'ar Musulunci ma ayar bashi ta Suratul Baƙara ta hana shaidu noƙewa idan an kira su. Saboda haka duk malamin da ya san abin da yake yi ba zai ce wa ɗalibi ya bar kotu ya zo gwaji ba. Inda masu wancan zance suka ɓata hanya shi ne zaton da suka yi cewa ƙarfin takardar yana bin su har cikin aji. To, a buɗe ta a karanta. Sunan wa ke ciki? Naka ne, kai aka umurta, kai za a kamo in ka ƙi, amma babu layi ɗaya a cikinta da ya ambaci malaminka, balle ya ɗora masa nauyin ya zauna ya ƙago sababbin tambayoyi, ya nemi ɗaki da lokaci, ya tsare ka awa guda kai kaɗai alhali yana da takardun mutum ɗari uku suna jiran dubawa. Gwajin ramuwa abu ne da ke ƙarƙashin ƙa'idar sashe da kuma ganin damar mai koyar da darasin, kuma abin da ya fi karkato da zuciyarsa shi ne lokacin da labarin ya iso masa.

Bari in ba da misalin da na gani da idona. Wani ɗalibina, yaro natsattse wanda ban taɓa samunsa da wasa ba, an kira shi shaida a wata shari'ar gona tsakanin danginsa a kotun shari'a ta garinsu, sammacin kuwa ya same shi kwana tara kafin ranar zaman, wadda ta dace da Talatar da na sa gwaji. A cikin kwanakin nan tara ya zauna a gabana sau biyu, bai ce uffan ba. Sai ran Alhamis, bayan na gama dubawa na kuma mayar wa 'yan aji takardunsu har mun warware tambayoyin a kan allo, na ji sallama a bakin ofis, ya shigo ya durƙusa, ya zaro takarda daga aljihun gaba, ta sha ninki har ta fara yagewa a tsakiya.

"Allah ya gafarta Malam, kotu ce ta kira ni, ga shaida."

Na duba kwanan watan da aka miƙa masa, na ce, "Yaro, wannan takarda ta riga gwajin zuwa da mako guda da kwana biyu. Me ya hana ka nuna mini ita tun da wuri?"

Ya sunkuyar da kai ya ce abokai ne suka ce masa ba sai ya yi ba, ga shi kuma yana jin nauyin a ji sunansa da kotu.

A lura da abin da jinkirin nan ya jawo. Da ya zo tun farko, da na zaunar da shi ran Litinin da yamma ya amsa waɗansu tambayoyi kusa da na 'yan'uwansa, ko kuwa in riƙe takardun aji har ya dawo, wahalar ba ta wuce ta minti biyar ba. Amma da yake amsoshin sun riga sun bazu, babu hanya sai sabon gwaji tun daga tushe, kuma da zarar an yi wa mutum ɗaya haka bayan an ga tambayoyi, washegari za a tarar da mutum goma a bakin ƙofa kowa da tasa takardar. Ga kuma lissafin hasarar: gwajin maki 20 ne, aikin gida 20, jarrabawa 60, makin tsira kuwa 40. Ya sami 12 a aikin gida. Da ya zauna gwajin ya ci ko da 14 ne, da 14 kacal yake nema a jarrabawa ya haye, amma da sifili a gwaji sai ya kawo 28, kuma ko da ya cinye 60 ɗin nan duka, abin da ban taɓa gani ba, ba zai wuce 72 ba. Daraja guda, wani lokaci biyu, ta salwanta a kan maganar da ba ta fi jimla uku ba.

Ita kuwa kunyar da ya ambata, ita ce ke sa waɗansu su bar uzurinsu na gaskiya su ari na ƙarya, a kashe kaka ko a ƙirƙiro zazzaɓi, alhali zuwa shaida ba abin kunya ba ne. Wannan wauta ce tsantsa, ba zan ɓata tawada a kanta ba.

To, yaya ake yi? Ranar da sammaci ya shiga hannunka, kafin kome, duba abu uku a jikinsa: ranar zama, lambar shari'a, da matsayin da aka kira ka a kai. Wannan na ukun shi ne ke nuna ko akwai sauƙi ta wajen kotu. Wanda ake tuhuma da laifi ba shi da zaɓi, dole ya tsaya da ƙafarsa, musamman in beli ne ya fito da shi, domin rashin zuwansa yana iya jawo soke belin, ya kuma jefa wanda ya tsaya masa cikin wahala. Amma mai shari'ar haƙƙi wanda ke da lauya, ko shaida, yana iya faɗa wa lauyan da ya nemi a kira shi, ko ya je wurin magatakarda tun da sauran kwanaki, ya bayyana cewa yana da gwaji, a roƙi alƙali ya sa wata rana ko ya saurare shi da farko. Alƙali yana iya yarda yana iya ƙi, kuma muddin ba a gaya maka a sarari an ɗage ba, ranar tana nan daram. Takardar gayyata daga 'yan sanda ko wata hukuma ta fi wannan sauƙi, don sau da yawa jami'in da ya aiko ta yakan sauya lokaci idan an je an yi masa bayani da ladabi.

Idan ranar ta ƙi motsawa, sai ka rubuta wa malamin takarda, ko da Turanci kamar yadda aka saba a ofisoshin makaranta, ma'anarta dai kada ta wuce haka: sunanka, lambarka ta ɗalibi, sunan darasin, sa'an nan ka ce kotu kaza ta umurce ka da bayyana ran kaza, wadda ita ce ranar gwaji, ga hoton sammacin a haɗe, kana roƙon a ba ka dama ka zauna gwajin kafin ranar ko bayanta, yadda Malam ya ga ya dace. Roƙo na ce, don haka kalmar "haƙƙina" kada ta shiga ciki. Ba a bukatar ka zayyana wa ya ci gonar wa, ko wa ya mari wa. Sirrin gidanku naka ne, malamin rana da hatimi yake son gani. Ka riƙe ainihin sammacin a wurinka domin da shi za ka shiga kotu, hoton kaɗai za ka bayar.

Ka kai da hannunka, a ofis, a lokacin aiki. Aika wakilin aji, ko jefa saƙon waya da tsakar dare, ba sanarwa ba ce, domin in gardama ta tashi daga baya babu abin da za ka nuna. Ka yi kwafi biyu, ka roƙi Malam ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗaya ka tafi da ita, wata kuma ka kai wa malamin da ke kula da ajinku ko ofishin shugaban sashe. In Malam ya yi tafiya, sakataren sashe ya karɓa ya buga hatimi, sa'an nan ka bi da saƙon waya gajere mai sallama da cikakken suna. In kuwa sammacin ya zo a ƙure, jajibirin gwaji, to a nan saƙon waya ya halatta don larura, takarda ta biyo baya ranar da ka dawo.

Saura abu guda da kusan kowa ke mantawa. Sammaci shaida ne cewa an kira ka, bai tabbatar da ka je ba. Saboda haka kafin ka bar harabar kotu, ka koma wurin magatakarda ka roƙe shi ya rubuta maka 'yar takarda, ko ya yi alama da hatimi a bayan sammacin, cewa ka halarta ran nan. Ka kuma tambaye shi ranar da aka ɗage zaman, domin shari'a a ƙasar nan ba kasafai take ƙarewa a zama ɗaya ba, ana iya wuni a kan benci tun ƙarfe tara a ce alƙali bai zauna ba, ko lauyan ɗaya ɓangaren bai zo ba, a sa wata rana, ita ma ta faɗo a kan wani gwajin ko ma jarrabawar ƙarshen zango, wadda al'amarinta ya wuce hannun malami ɗaya, sai an rubuta ta hannun shugaban sashe zuwa hukumar makaranta.

Haka kuwa ta faru da yaron nan. Ranar da ya rasa gwajina ko kiransa ba a yi ba, aka ɗage zuwa bayan mako biyar, sabuwar ranar kuma ta faɗo a kan gwajin wani malami. A karo na biyu, tun washegarin da ya tabbatar da ranar ya zo da takardarsa kwafi biyu, ya kai wa malamin da abin ya shafa, aka zaunar da shi a ofis kwana ɗaya kafin 'yan ajinsu. Nawa gwajin kuwa, na kai maganar gaban shugaban sashe, aka yarda a ba shi aikin rubutu a madadinsa, a kan maki 10 maimakon 20.