Kulomifin da Letirozol: Magungunan da Ke Sa Ƙwai Ya Fito

Babbar matsalar da kulomifin da letirozol suke warwarewa ita ce ta macen da ƙwanta ba ya nuna ya fito kowane wata. Ba sa buɗe bututun mahaifa da ya toshe, ba sa gyara maniyyin miji. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga mace ta shiga kemis ta sayi kulomid, sunan da aka fi sanin kulomifin da shi, don kawai maƙwabciyarta ta sha ta samu ciki, alhali ba a auna maigidanta ba.

Duka biyun ƙwaƙwalwa suke zaburarwa. Idan ta ji sinadarin isturojin ya yi ƙasa a jini, sai ta ƙara sakin sinadarin da ke sa ƙwai girma. Kulomifin, wanda aka fara ba mata a Amurka tun 1967, toshe wuraren da ƙwaƙwalwa ke jin isturojin yake yi. Illar ita ce yana toshe irin waɗannan wurare a mahaifa ma, kuma yakan daɗe a jiki, don haka a wasu mata shimfiɗar cikin mahaifa takan sirance, ruwan bakin mahaifa ya yi kauri. Ga ƙwai ya fito, amma wurin zamansa bai yi kyau ba.

Letirozol kuwa asalinsa maganin sankarar mama ne. Shi rage ƙera isturojin yake yi na ɗan lokaci, kuma rabinsa kan bar jiki cikin kwana biyu, sai mahaifa ta samu damar shiryawa. A 2014 an wallafa wani bincike na Amurka a kan mata 750 masu lalurar PCOS, wadda kan zo da tsallen al'ada, ƙuraje da gashi a haɓa. Kimanin kashi 27 cikin ɗari na masu shan letirozol sun haihu, masu kulomifin kuwa kashi 19. Yau da shi ake so a fara wa masu wannan lalura.

Mu ɗauki macen da al'adarta ke zuwa sau ɗaya a wata uku. Likita zai fara tabbatar da ba ta da ciki, a auna maniyyin mijinta, sau da yawa a duba bututun mahaifa. Idan jini ya zo, ranar farko ita ce ta ɗaya a lissafi. Daga rana ta uku zuwa ta bakwai za ta sha letirozol miligiram 2.5 kullum. Da kulomifin ne, miligiram 50 za a fara.

Wajen rana ta goma sha biyu sai a yi mata hoto. Ana neman jakar ƙwai ɗaya da ke tunkarar milimita 18, da shimfiɗar mahaifa mai kaurin milimita 7 ko fiye. Ƙwai kan fito kwana biyar zuwa goma bayan ƙwayar ƙarshe, don haka a wannan tsakani ake so ma'aurata su riƙa kusantar juna, ana tsallake kwana ɗaya. Wajen rana ta ashirin da ɗaya a ɗebi jini a auna furojestaron. Idan ya hau, ƙwai ya fito. Idan bai hau ba, a wata na gaba a ƙara maganin zuwa miligiram 5, sannan 7.5.

Hoton nan ba ɓarnar kuɗi ba ne. Idan jakunkuna uku ko fiye suka girma tare, likita zai ce a haƙura da wannan watan. Tagwaye abin sha'awa ne a wajenmu, amma cikinsu ya fi kawo hawan jini da haihuwar bakwaini.

Mai shan kulomifin takan ji zafi na taso mata a fuska da ƙirji, da saurin fushi. Letirozol ya fi kawo kasala da jiri. Waɗannan kan wuce. Amma idan gani ya dushe ko ana ganin walƙiya a ido, a daina kulomifin nan take a koma asibiti. Haka nan idan ciki ya kumbura sosai, da ciwo, amai, ƙarancin fitsari ko sarƙewar numfashi, alama ce gidan ƙwai ya zaburu fiye da kima.

Idan an yi kamar wata shida ƙwai na fita amma ciki bai shiga ba, ƙara ƙwayoyi ba zai taimaka ba. A nan likita zai sake bincike, ya duba ko za a koma allurai ko dashen ƙwai.