Tazarar amincewa: abin da kashi 95 cikin 100 yake nufi

Tazarar amincewa iyakoki biyu ne, na ƙasa da na sama, da mai ƙididdiga yake fitarwa daga samfuri domin kintacen wani adadi da bai iya auna shi gaba ɗaya ba. Masanin lissafi Jerzy Neyman ne ya shimfiɗa ƙa'idarta a 1937. Lissafinta ba shi da wuya. Fassararta ce take kayar da ɗalibai a jarrabawa, har da wasu masu bincike.

A ɗauka wani kamfanin casar shinkafa yana cika dubban buhuna, kowanne an rubuta masa kilo 50. Mai dubawa ya tsamo buhu 100 ta hanyar ƙuri'a ya ɗora a sikeli. Matsakaicin nauyinsu ya zo kilo 49.5, ma'aunin warwatsuwa, wato yadda buhuna suke kauce wa matsakaicin, ya zo kilo 2. Sai a raba 2 da 10, domin 10 sau 10 ne ya ba da 100, a samu 0.2. A ninka 0.2 da 1.96, lambar da ake amfani da ita a matakin kashi 95, a samu kusan 0.4. A cire shi daga 49.5, a kuma ƙara shi: tazarar ta kama daga kilo 49.1 zuwa 49.9.

Daga nan tambayar jarrabawa takan jero zaɓi huɗu. Na farko yakan ce kashi 95 na buhunan nauyinsu yana tsakanin 49.1 da 49.9. Wannan kuskure ne babba, domin tazarar tana magana ne a kan matsakaicin nauyin buhunan kamfanin duka, ba a kan buhu ɗaiɗai ba. Idan nauyin ya bazu yadda aka saba, kashi 95 na buhunan suna tsakanin kilo 45.6 da 53.4, kuma kusan 16 kawai cikin 100 ne za su faɗa cikin waccan 'yar siririyar tazara.

Zaɓi na biyu yakan ce idan aka sake tsamo wasu buhu 100, akwai yiwuwar kashi 95 sabon matsakaicin ya faɗo cikin wannan tazara. Shi ma bai yi ba. Samfurin farko yana da nasa kuskuren, na biyu ma haka, kurakuran biyu suna haɗuwa, sai yiwuwar ta sauko zuwa kusan kashi 83.

Na uku shi ne tarkon gaske: wai akwai yiwuwar kashi 95 ainihin matsakaicin yana tsakanin 49.1 da 49.9. Yana da daɗin ji, kuma abin da zuciya take so a faɗa mata ke nan. Amma a tsarin Neyman ainihin matsakaicin adadi ne guda, a kafe yake kamar turke, tazarar kuwa zarge ce da ake jefa masa. Kafin jifa ana iya cewa gwanin yakan kama sau 95 cikin 100. Bayan igiyar ta sauka, ko dai ta kama ko ta kuskure, sai dai mai binciken ba ya ganin turken. Don haka kashi 95 ɗin shaida ce a kan hanyar aikin, ba a kan wannan tazara guda ba. Mai son ya yi maganar yiwuwa kai tsaye sai ya koma tsarin Bayes, inda dole a fara bayyana abin da aka ɗauka game da adadin tun kafin awo.

Amsar daidai ita ce ta huɗu: da za a yi ta maimaita aikin, kowane karo da sabon samfuri da sabuwar tazara, kusan 95 cikin kowace tazara 100 za su ƙunshi ainihin matsakaicin, kusan 5 su kuskure. A taƙaice akan ce ana da amincewar kashi 95 cewa matsakaicin yana tsakanin 49.1 da 49.9, kuma an yarda da wannan lafazin muddin ma'anar da ke sama ake nufi.

Wannan ba ya rage wa tazarar amfani. Tunda kilo 50 yana wajenta, akwai hujja mai ƙarfi cewa buhunan, a matsakaici, ba sa cika. Da an auna buhu 400, faɗinta zai ragu da rabi, ya koma kusan 0.2 kowane gefe. Da kuma an nemi amincewar kashi 99, da ta ƙara faɗi, domin 2.58 za a yi amfani da shi maimakon 1.96.

Duk wannan ya rataya ne a kan yadda aka tsamo samfurin. Idan ma'aikacin rumbu ne ya miƙo buhunan da ke bakin ƙofa, ko sikelin yana ƙara rabin kilo, tazarar za ta fito siririya amma a wurin da ba daidai ba, kuma ƙara yawan buhunan da ake aunawa ba zai gyara ta ba.