Ciwon Ɓarin Kai Mai Zuwa Tare da Al'ada

Akwai matan da kansu ne ke fara sanar da su cewa al'ada ta kusa. Saura kwana ɗaya ko biyu jini ya zo, sai ɓarin kai ya ɗauki sara, zuciya ta riƙa tashi, haske da hayaniya su zama azaba, ko sunkuyawa shara ta gagara. Sau da yawa akan ɗora wa zazzaɓin cizon sauro laifi, a sayo magani a kemis, wata mai zuwa ciwon ya dawo a kan lokacinsa.

Tushen abin yana ga sinadarin istirojin, wanda ƙwan mace ke samarwa. Bayan fitar ƙwai a tsakiyar wata, istirojin da abokin tafiyarsa furojestaron suna zama da yawa a jini na wasu kwanaki. Idan ciki bai shiga ba, sai duka biyun su sauka, shimfiɗar mahaifa ta sassaɓe ta fito, wato jinin al'ada. Tun da tare suke sauka, an daɗe ba a tantance wanne ne ke tayar da ciwon ba, sai da wani likita a Ostareliya, Brian Somerville, ya raba gardama a farkon shekarun 1970. Ya yi wa mata masu wannan ciwo allurar furojestaron gab da al'ada: jini ya jinkirta, ciwon kai kuwa ya zo abinsa. Da ya yi musu allurar istirojin, jini ya zo a lokacinsa, amma ciwon kai bai taso ba sai da ƙarfin allurar ya janye. Ashe ba zubar jinin ke jawo shi ba, saukar istirojin ce bayan ya daɗe yana sama.

Istirojin ɗin irin wannan mace ba ƙaranci ya yi ba, gwajin jini yakan nuna komai daidai. Jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga kai ne suka fi na sauran mata jin wannan sauka. Wannan ne ya sa da yawa suke samun sauƙi bayan wata uku na farkon ciki, lokacin da istirojin ke tsaye a sama, sannan ciwon ya dawo bayan haihuwa. Haka ma mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ta kwana 21, ciwon yakan same ta a mako ɗayan da take hutun shan ƙwayar.

Ba hoton kai ake buƙata don gane shi ba, kalanda ce. Matanmu dama suna lissafin kwanakinsu saboda salla da azumi, ƙarin aikin kawai shi ne rubuta ranar da kai ya yi ciwo. A ce jini ya fara ranar 10 ga wata. Kwanakin da likitoci ke dubawa biyar ne: 8 da 9 kafin jini, sai 10, 11 da 12. Idan ciwon ya faɗo cikinsu a wata biyu daga cikin uku, to shi ne. Yakan fi na sauran lokuta tsanani da daɗewa, farasitamol kuma ba kasafai yake iya masa ba.

Ribar sanin ranar ita ce a riga ciwon. Ga mai al'adar da ba ta saɓa lokaci, likita na iya sa ta fara nafuroksen sau biyu a rana tun ranar 8, ta ci gaba har kwanakin farko na jini, maimakon jira sai kai ya kama. Wannan magani yana rage ciwon mara ma, amma bai dace da mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko mai juna biyu ba. Idan ciwon ya riga ya taso, akwai sumatiriftan, wanda ya fi aiki idan an sha da wuri. Mai shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, ko kwana 10 idan sumatiriftan ne ko mai haɗin kodin, ta sani maganin da kansa na iya mayar da ciwon na kullum.

Idan kafin kanki ya fara kina ganin walƙiya ko layuka masu lanƙwasa, ko wani sashe na ganinki ya ɗauke na 'yan mintuna, kada ki sha ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin, domin tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga irinki. Ki gaya wa ma'aikaciyar asibiti ta zaɓa miki wata hanya. Ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba ki taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko mutuwar hannu, ko karkacewar baki, kada ki jingina shi da al'ada. Ki tafi asibiti nan take.