Abin da ya sa yawan amfanin gona ke wuyar gado

Tun 1896 masana a Jami'ar Illinois ta Amurka suka fara ware zangarniyar masara mai yawan mai suna sake shukawa kowace shekara. Man ƙwayar, wanda bai kai kashi 5 cikin ɗari ba da farko, daga baya ya haura kashi 20.

Yawan amfani kuwa ba ya bin zaɓe haka. Ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa ne ke haɗuwa su gina shi, kowace da ɗan tasirinta, ga kuma ruwa da taki da ƙarfin ƙasa. Zangarniyar da ta fi girma wataƙila a tsohon juji ta tsiro.

Masana suna auna rabon da gado yake da shi a bambancin da ake gani. A ce rabon kashi 20 cikin ɗari ne, kuma tsiran da aka zaɓa sun zarce saura da awo 10: abin da zai bayyana ga 'ya'yansu awo 2 ne kacal. Sauran na gona ne da damina.

Shi ya sa masu inganta iri ba sa yarda da shaidar gona ɗaya, sai sun maimaita gwaji a wurare daban-daban shekara da shekaru.